Yadda Ake Ƙera Madamƙi Mai Yatsa Biyu da Zai Ɗauki Nunannen Tumatir Ba Tare da Ya Lotsa Shi Ba

Duk wanda ya taɓa zaɓen tumatir a kasuwa ya san hannunsa na yin wani lissafi ba tare da ya sani ba. In ya riƙe da sanyi-sanyi, tumatirin ya suɓuce. In ya matsa da yawa, ya bar masa tabo. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan fili, kuma aikin mai ƙera madamƙi shi ne ya nemo wannan filin da awo, sannan ya ƙera yatsun da za su zauna a cikinsa. Na haɗa irin wannan hannu sau da yawa, kuma kuskuren da na fi gani wajen masu farawa shi ne su fara da sayen mota da zanen yatsu, sai daga baya su tuna da abin da za a ɗauka. Mu za mu fara daga tumatirin.

Zan yi misali da tumatir mai zagaye, nunanne ja, wanda faɗinsa ke tsakanin milimita 50 da 65, nauyinsa bai wuce giram 150 ba. Hanyar ɗaya ce ga mangwaro ko gwanda, lambobin ne kawai za su canja.

Kayan da za ka tanada

Na awo: sikelin kicin da ke nuna giram ɗaya-ɗaya, rula, ɗan katako mai santsi kamar tsawon kamu ɗaya, da waya mai manhajar auna kwana. Sai tumatir aƙalla 30 daga kwando ɗaya, masu nuna iri ɗaya.

Na jikin hannun: robar bugu ta PETG in kana da firintar 3D, ko falankin katako mai kaurin milimita 6 in babu, da ƙananan kusoshi masu noti na milimita 3, da sandunan ƙarfe biyu masu santsi da yatsun za su riƙa zamiya a kansu.

Na tafin yatsa: silikon mai ruwa biyu da ake haɗawa, mai taurin 10A zuwa 20A, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da taɓa abinci.

Na motsi: motar sarbo MG996R, allon Arduino Uno, na'urar jin matsi FSR 402, rasisto mai 10k, da wutar volt 6 da za ta iya ba da amfiya 3.

1. Auna 'ya'yan kafin ka zana komai

Ɗauki tumatir goma, ka auna faɗin kowanne a ƙugunsa, ka ɗora shi a sikeli. Abu uku kake nema: mafi ƙanƙanta, mafi girma, da mafi nauyi. Kada ka yi aiki da matsakaici, don madamƙin da aka ƙera wa matsakaicin tumatir zai yar da babba ya kasa kama ƙarami.

Daga nan buɗewar yatsu ke fitowa. Ƙara wa mafi girma milimita 10 ta kowane gefe, domin yatsun su sauko ba su goge fatar ba: 65 da 20 sun zama 85. Rufewa kuma ta wuce mafi ƙanƙanta da milimita 10, wato ta kai 40. Ke nan tafiyar yatsun gaba ɗaya milimita 45 ce, kowane yatsa 22.5. In tumatirinka dogon nan ne da ya fi yawa a kasuwanninmu, a ƙugu za ka auna shi kuma a ƙugu za ka kama shi, nesa da gindin da ya fita daga itace.

2. Zaɓi abin da zai taɓa fatar

A nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. Yatsa yana da sassa biyu masu buƙatu daban: ƙashi, wanda ya kamata ya yi tauri, da tafi, wanda ya kamata ya yi laushi ya kuma yi kamu.

Dalilin laushin shi ne, abin da ke lotsa tumatir yawan ƙarfin da ya taru a kan ɗan wuri ne. Yatsa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe yana taɓa tumatir a ɗigo da bai fi kan ɗan yatsa ba, ka ce murabba'in santimita ɗaya. Tafi mai laushi yana lanƙwasa ya rungumi fatar, ya raba wannan ƙarfin a kan murabba'in santimita biyar ko shida. Ƙarfin bai canja ba, amma abin da kowane sashen fata ke ɗauka ya ragu sau biyar.

Silikon na fi so saboda dalilai uku: yana kama fatar tumatir sosai, ba ya shan ruwa, kuma yana wankuwa. Taurinsa ana rubuta shi da ma'aunin Shore. Mai lamba 10A zuwa 20A ya fi dacewa. Akwai wanda ya fi shi laushi, mai lamba 00-30, yana da daɗin taɓawa kamar fatar jariri, amma yana saurin yagewa a gefuna, kuma in an ɗaga kaya yakan miƙe ya bar tumatirin yana reto. Wanda ya kai 40A kuwa ya fara kama da tayar keke, ba ya lanƙwasa da ɗan ƙarfin da za mu yi amfani da shi. Kaurin tafin ya zama milimita 5 zuwa 6. In ya gaza 3, tumatirin zai nutse har ya ji taurin ƙashin da ke baya.

Wajen zubawa, ka auna ruwan biyu yadda aka rubuta a jikin robar, ka juya a hankali don kada kumfa ya shiga, ka zuba daga sama a siririn zare. Kada ka sa safar hannu ta roba irin ta latas, kada kuma ka yi mazubin da yumɓun wasa mai farar wuta, domin duka biyun suna hana irin wannan silikon bushewa. Alamar ita ce ka dawo washegari ka tarar da fuskarsa tana danƙo. A ƙasan mazubin ka yi 'yan layuka a kwance masu zurfin milimita ɗaya, don tafin ya fito da kwari-kwari. Su ne hanyar da ruwa zai bi ya gudu in tumatirin a jiƙe yake.

Wani abin da ke ba masu farawa wahala: silikon ba ya mannewa da roba ko katako da gam na yau da kullum. Ka huda ƙashin yatsan ramuka huɗu ko shida masu faɗin milimita 4, ka zuba silikon ɗin kai tsaye a kansa har ya ratsa ramukan ya taru ta baya. In ya bushe ya ɗaure kansa.

In ba ka samu silikon na zubawa ba, yanko daga tabarmar gasa burodi ta silikon, ka naɗe ta a kan soso mai rufaffen ido, irin na silifas mai laushi. Soson katifa kuwa ka bar shi: yana tsotse ruwan tumatir, wanda ke da tsami, kuma cikin 'yan kwanaki zai fara wari yana shafa wa lafiyayyun 'ya'ya ruɓa. Tub ɗin keke ya isa yin gwaji a teburi, amma ba na abinci ba ne. Haka ma silikon da ake like banɗaki da shi, mai ƙanshin ruwan tsami, sau da yawa akwai maganin kashe fumfuna a cikinsa.

3. Nemo ƙaramin ƙarfin da zai hana suɓucewa

Shimfiɗa ɗan silikon ɗinka a kan katakon. Tumatir ɗaya zai gangara ne, don haka ka ɗaure uku wuri guda da salatif ta sama, su zauna kamar duwatsun murhu. Ɗaga gefen katakon sannu a hankali har su fara zamiya, ka karanta kwanar a wayarka. Lambar kamu, wadda ake rubutawa da μ, ita ce tan na wannan kwana, wanda kalkuleta za ta ba ka. Digiri 31 na ba da kusan 0.6, digiri 22 na ba da kusan 0.4. Yi sau biyar a bushe, ka yayyafa ruwa ka sake sau biyar, ka riƙe mafi ƙanƙanta.

Ƙarfin da kowane yatsa ke buƙata shi ne:

```
F = m × (g + a) × S / (2 × μ)
```

A nan m nauyin tumatir ne da kilogiram, g jan ƙasa ne, 9.81, a kuma fizgar da hannun ke yi idan ya tashi sama. S ninki ne na kariya, ina sa 2. Biyun da ke ƙasa kuwa yatsu biyun ne da suka raba nauyin.

A ce gwajinka ya ba da 0.6 a bushe da 0.4 a jiƙe, kuma hannun na tashi da fizgar mita 2 a sakan a kowane sakan. Sai 0.15 sau 11.81 sau 2 ya ba da 3.54. In ka raba da 1.2, ka samu kusan niyuton 3 a bushe. In ka raba da 0.8, ka samu 4.4 a jiƙe. Niyuton ɗaya kusan nauyin giram 100 ne a tafin hannu, ke nan muna maganar matsin giram 450. Dubi yadda ruwa kaɗai ya ƙara rabin abin da ake buƙata. Shi ya sa na dage kan kwarin nan na tafi.

4. Nemo babban ƙarfin da tumatirin zai jure

Wannan gwajin na cin kwana biyu, kuma shi mutane ke tsallakewa. Sa tafin silikon ɗaya a kan sikeli, ɗora tumatir, mayar da sikelin sifiri, sannan ka danna daga sama da ɗaya tafin har sikelin ya nuna giram 300. Riƙe sakan biyar. Zagaye wurin da alƙalami, ka rubuta lambar. Yi wa tumatir uku haka, sannan uku a 500, uku a 800, uku a 1000, uku a 1500. Ware wasu uku da ba ka taɓa ba.

Ajiye su a inuwa awa 48. Rauni a tumatir ba ya nunawa nan take. Fatar na iya komawa daidai alhali naman ciki ya farfashe. Bayan kwana biyu ka shafa wurin da yatsa, sannan ka yanka ta tsakiyar zagayen. Abin nema shi ne wuri mai laushi fiye da kewayensa, ko nama da ya yi duhu ya jiƙe kamar an dafa shi. Kwatanta da waɗanda ba a taɓa ba, don kada ka ɗora wa matsi laifin nuna.

A ce raunin farko ya bayyana a giram 1000. Raba shi biyu, iyakarka ta zama giram 500, kusan niyuton 5. Yanzu ga filinka: daga 4.4 zuwa 5. Mu tsaya a 4.5. In ka ga iyakar sama ta faɗo ƙasa da ta ƙasa, babu motar da za ta gyara wannan. Sai ka faɗaɗa tafin, ko ka rage saurin hannun, ko ka lanƙwasa ƙarshen yatsun su ɗan shiga ƙarƙashin tumatirin su tallafe shi, yadda nauyin ba zai dogara da matsi kaɗai ba.

5. Siffar yatsu da jikin hannun

Ina ba mai farawa shawarar yatsu masu tafiya a miƙe, suna fuskantar juna kullum. Masu juyawa kamar almakashi sun fi sauƙin haɗawa, amma kwanar da suke taɓa tumatir tana canjawa da girmansa, kuma sukan tura babba waje kamar yadda sabulu ke fita daga hannu.

Fuskar yatsan ta zama mai kwarmi, faɗi milimita 35, tsawo 40. Lanƙwasar kwarmin ta fi ta tumatir mafi girma faɗi: tunda rabin faɗinsa 32.5 ne, yi kwarmin da 45. In kwarmin ya fi tumatirin matsewa, gefunansa biyu ne za su fara taɓa fatar, su bar layi biyu kamar an yanka da reza. Kowane gefe ka goge shi ya yi zagaye, silikon kuma ya lulluɓe shi. In da katako kake aiki kuma kwarmi ya yi wuya, haɗa falanki biyu su yi buɗaɗɗen kwana na digiri 120.

Game da ƙashin, robar bugu ta PLA ta fi sauƙin bugawa amma tana fara laushi wajen digiri 60. Hannun da aka manta a cikin mota a rufe da rana a watan Afrilu zai iya fitowa a karkace. PETG na jurewa har wajen digiri 80. Katako kuma sai an shafe shi da fenti mai hana ruwa. Akwai wani salon yatsa da aka kwaikwayo daga ƙashin fiffiken kifi, mai siffar dogon alwatika da sanduna a ciki, wanda in an danna shi yake lanƙwasowa ya rungumi abin. Ana buga shi da TPU 95A, kuma yana da kyau ga 'ya'yan da siffarsu ba ta daidaita ba kamar mangwaro. Shi ma sai an sa masa fatar silikon, don TPU ɗin kaɗai yana da santsi.

Tsawon yatsa daga sandar zamiya zuwa tsakiyar tafi kada ya wuce milimita 70, kuma sashen da ke zamiya a kan sandar ya kai 40. In yatsa ya yi tsawo, mazauninsa gajere, zai riƙa cijewa yana sakewa, ka ga yana tafiya da tsalle-tsalle. Wannan tsallen kaɗai ya isa ya doki tumatir.

6. Mota da giya

Sa ƙaramar giya a tsakiya, da sanduna biyu masu haƙora, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowacce ɗaure da yatsa ɗaya. In giyar ta juya, yatsun su matso tare, tumatirin ya zauna a tsakiya. Giya mai haƙora 16 da rabin faɗi milimita 12 ta isa: juyin digiri 107 zai kai kowane yatsa milimita 22.5 ɗin da muke so, sarbo kuwa na yin kusan 180.

Ƙarfin juyin da ake buƙata:

```
T = 2 × F × r = 2 × 4.5 × 0.012 = 0.108 N·m
```

Wato kusan 1.1 kg·cm, a ma'aunin da masu sayar da sarbo ke rubutawa. Ninka shi biyu saboda gogayyar haƙora da sanduna, ya zama 2.2. Ƙananan sarbo irin MG90S a nan iyakarsu take, za su yi zafi. MG996R na ba da wajen 10, tana da rara. Amma ka juya lissafin: in ta saki duk ƙarfinta ta wannan giyar, kowane yatsa zai iya matsawa da kusan niyuton 40, sau takwas na iyakarmu. Sarbo kwana kawai ta sani. In ka ce ta je digiri 100, za ta je ko da tumatirin zai fashe. Don haka mataki na gaba wajibi ne.

Kada ka ba sarbo wuta daga allon Arduino. Tana iya jan fiye da amfiya 2 idan ta cije, allon ya mutu ya tashi, yatsun su yi fizga. Ba ta wutarta daban, ka haɗa wayoyin GND na ɓangarorin biyu.

7. Kayyade matsin

Sa FSR 402 tsakanin ƙashi da tafin yatsa ɗaya, a wuri shimfiɗaɗɗe, da ɗan faifan roba mai tauri a kan idonta don matsin ya taru a can. Ƙafarta ɗaya ta je 5V, ɗayar ta je A0, rasisto kuma daga A0 zuwa GND. Wannan na'ura ba ma'auni ce mai daidaito ba, kowacce da halinta, don haka a jikin yatsan za ka daidaita ta. Ɗora tumatir a sikeli kamar ɗazu, danna shi da yatsan da aka gama haɗawa har sikelin ya nuna giram 460, ka karanta lambar a Serial Monitor ta hanyar misalin AnalogReadSerial da ke cikin manhajar Arduino. Maimaita sau biyar. Wannan lambar za ka sa a madadin 520:

```
#include <Servo.h>
Servo yatsu;
const int IYAKA = 520;

void setup() { yatsu.attach(9); yatsu.write(20); delay(1000); kama(); }
void loop() {}

void kama() {
  for (int k = 20; k <= 130; k++) {
    yatsu.write(k);
    delay(25);
    if (analogRead(A0) >= IYAKA) break;
  }
}
```

Kowane digiri ɗaya na rufe yatsun da kusan milimita 0.4. Da tafi mai tauri, wannan ɗan motsin zai tsallake da kai daga rashin kamu zuwa lotsawa a taki ɗaya. Laushin silikon ne ke sa matsin ya hau sannu a hankali har na'urar ta samu damar tsayar da motar.

In babu na'urar jin matsi, akwai hanyar da ni kaina nake ƙauna saboda sauƙinta. Cire giyar daga jikin sarbo ta riƙa juyawa ita kaɗai, ka ɗaura sifirin mai ja tsakanin yatsun biyu shi ya riƙa rufe su, sarbo kuma ta ja zare ta buɗe kawai. Nemi sifirin mai laushi da ke ƙara niyuton ɗaya a kowane milimita 10, ka ɗaura shi yadda zai ja da niyuton 3 a buɗewar milimita 50. A 65 zai kai 4.5. Babban tumatir, wanda shi ya fi nauyi, shi zai samu matsi mafi yawa, kuma ko wuta ta ɗauke hannun ba zai saki kayansa ba.

8. Gwaji

Fara da ƙwallon roba, sai ɗanyen tumatir, sannan nunanne. Kama, ɗaga, girgiza sama da ƙasa sau uku, juya gefe, ajiye. Ka sa ɗigon alƙalami a fatar daidai bakin tafin. In bayan girgiza ɗigon ya matsa, akwai zamiya ko da tumatirin bai faɗi ba. Don ganin inda tafin ke taɓawa, shafa masa ɗan kalar abinci ka kama tumatir ɗaya. Tambari ɗaya mai faɗi a tsakiya shi ake so. Layi biyu a gefe na nufin kwarmin ya matse, ɗan ɗigo ƙarami kuma na nufin silikon ɗin ya yi tauri.

Sannan ka kama tumatir goma, ka ajiye su awa 48 tare da goma da ba a taɓa ba, ka yanka duka. In raunin na wurin tafi ne, rage lambar iyaka. In yana ƙasan tumatirin ne, yatsun ba su da laifi: hannun na sakinsa tun bai kai ƙasa ba, sai ka sauke shi har ya zauna kafin ka buɗe.

Abu ɗaya da ke zuwa daga baya: silikon na jan ƙura. A lokacin hunturu hannun da ke riƙo lafiya da safe zai iya fara yar da kaya da yamma, saboda ƙura ta lulluɓe tafin ta rage masa kamu. Kada ka ƙara matsi. Wanke tafin da ruwa da sabulu, bar shi ya bushe, ka sake gwajin katakon nan ka ga ko kwanar ta koma digiri 31.